Teburin Bin Diddigi: Yadda Ake Sanin Abin da Kwamfuta Ta Shigar, Ta Sauya ko Ta Tsallake

Teburin bin diddigi tebur ne da ake keɓewa a cikin rumbun bayanai domin rubuta abin da ya faru duk lokacin da manhaja ta kwaso bayanai daga wata kwamfuta ta zuba su a wata. Wannan kwasowa da zubawa ita ce daidaita bayanai, kuma kowane karo da aka yi ta, zagaye ɗaya ke nan. Ƙaramin asibiti yana tura bayanan allurar rigakafi zuwa babbar kwamfutar jiha, ofishin kuɗi yana jawo bayanan shigar kuɗi daga banki zuwa littafin asusunsa. Yawanci da dare ake wannan aiki, babu kowa a gaban allo. Da safe ma'aikaci zai tarar da lambobi sun canza, kuma idan babu inda aka rubuta abin da ya gudana, ba shi da hanyar sanin wane layi ne sabo, wanne aka gyara, wanne kuma aka bari a ƙofa.

Aikin teburin ya yi kama da littafin mai kula da sito. Mota ta zo da buhu ɗari: an shigar da kaza, an musanya kaza da waɗanda ke ciki, an mayar da kaza saboda sun jiƙe. Idan aka haɗa su dole su ba da ɗari. Dukkan amfanin teburin bin diddigi ya rataya ne a kan wannan ƙa'ida, wato duk layin da aka karanto daga tushe sai an faɗi inda ya ƙare.

Abin ba baƙo ba ne ga ma'aikatan lafiya na wannan yanki. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta, ita ce Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru ke amfani da ita wajen tattara alƙaluman asibitoci. Duk lokacin da aka zuba mata bayanai daga waje, takan mayar da taƙaitaccen rahoto mai ƙidaya huɗu: `imported`, `updated`, `ignored` da `deleted`, wato waɗanda ta shigar, waɗanda ta sabunta, waɗanda ta ƙyale da waɗanda ta goge, tare da jerin matsalolin da ta ci karo da su. Matsalar ita ce manhajojin da ke tura bayanan sau da yawa suna karɓar wannan rahoto su watsar. Teburin bin diddigi shi ne wurin da ake adana irin wannan amsa, a ƙara mata bayani dalla-dalla, yadda za a iya komawa kanta bayan wata shida ko shekara biyar.

Tebur biyu, ba ɗaya ba

A aikace tebur biyu ake ginawa. Na farko na zagaye ne, ana yawan sa masa suna `sync_run`, kuma layi ɗaya yake samu a kowane zagaye. A ciki ana rubuta lambar zagayen, daga ina bayanan suka fito, ina suka nufa, lokacin farawa, lokacin gamawa, wane ne ko mene ne ya tayar da aikin, wane fitowa na manhajar ya yi shi, sai ƙidayar layukan da aka karanta da yadda aka rarraba su. Akwai kuma gurbin da ke nuna halin zagayen: yana gudana, ya kammala, ko ya faɗi.

Na biyu na layuka ne, `sync_item`. Shi ne mai faɗin abin da ya sami kowane layi guda. Yana ɗauke da lambar zagayen da ya taɓa layin, lambar shaidar layin a tushe, matakin da aka ɗauka, da dalili. Idan sauyi aka yi, ana rubuta gurbin da ya sauya, abin da ke ciki a da, da abin da ya koma. Ga yadda layuka biyu za su iya kasancewa a allo:

```
run_id source_id action  field     old_value  new_value  reason
4127   V-20931   updated dose_date 2024-03-04 2024-03-11 -
4127   V-21007   skipped -         -          -          unknown_child
```

Layi na farko yana cewa a zagaye na 4127 an sauya ranar wata allura daga 4 ga Maris zuwa 11 ga Maris. Na biyu yana cewa an tsallake wani layi saboda babbar kwamfuta ba ta san yaron da aka ce an yi wa allurar ba. Ajiye tsohon abin da ke gurbi shi ne ya bambanta bin diddigi na gaskiya da rahoton aiki kawai. Idan an rubuta cewa an sauya layi amma ba a rubuta abin da ke wurin a da ba, ranar da aka gano sauyin kuskure ne babu inda za a samo na asali a mayar.

Ana raba teburan ne saboda masu karanta su sun bambanta. Jami'in da ke duba aiki kowace safiya layi ɗaya yake buƙata ya gani. Mai bincike da ke neman sanin yadda aka yi ranar allurar wani yaro ta canza, shi ne zai shiga tebur na biyu.

Yadda manhaja ke yanke hukunci a kan layi

Da layi ya iso, tambaya ta farko ita ce ko an taɓa ganinsa. Ana amsa ta da lambar shaida wadda ba ta canzawa, irin wadda tushe ya ba layin tun ranar da aka fara rubuta shi. Suna ba ya yin wannan aiki. A unguwa ɗaya za a iya samun yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma yaro ɗaya za a iya rubuta sunansa iri uku, yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhammadu. Duk tsarin da ya dogara da suna zai riƙa haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ko ya raba mutum ɗaya ya zama biyu.

Idan ba a san lambar ba, sai a shigar da layin a matsayin sabo. Idan an san ta, sai a kwatanta abin da ya zo da abin da ke ajiye. Wasu manhajojin suna kwatanta gurbi da gurbi. Wasu kuma suna matse dukkan layin su fitar da wata gajeriyar lamba ta hanyar lissafi irin SHA-256, wadda ke canzawa gaba ɗaya da zarar harafi ɗaya ya canza. Idan lambar jiya da ta yau sun zo ɗaya, layin bai motsa ba. Sakamakon kwatancen ɗayan uku ne: an sauya, babu sauyi, ko an ƙi karɓa saboda wani dalili.

A nan ake yawan yin kuskuren da ke ɓata teburin baki ɗaya, wato zuba "babu sauyi" da "an ƙi karɓa" a kwando ɗaya da sunan an tsallake. Layin da ba a taɓa ba saboda daidai yake da na ajiye ba shi da matsala. Layin da aka ƙi karɓa kuwa bayani ne da yake nan a asibiti amma babu shi a jiha. Idan aka haɗa su, layuka ashirin masu matsala za su nutse a cikin ɗari takwas marasa matsala. Shi ya sa ya kamata kowanne ya sami ƙidayarsa. Waɗanda ba su sauya ba, ƙidaya kaɗai ta isa, don rubuta su ɗaya bayan ɗaya kowane dare zai kumbura teburin ba tare da wata fa'ida ba. Waɗanda aka ƙi kuwa, kowanne sai an rubuta shi da dalilinsa, kuma dalilin ya fito daga taƙaitaccen jerin da aka tsara tun farko, domin a iya ƙirga su rukuni-rukuni.

Zagaye ɗaya a bayyane

A ɗauki misalin wata ƙaramar hukuma da asibitocinta ke rubuta allurar rigakafi a ƙananan kwamfutocin hannu. Bayanan suna taruwa a kwamfutar ƙaramar hukuma, daga nan manhaja ta tura su rumbun jiha da ƙarfe biyu na dare. Lambobin da ke tafe na misali ne. A daren 4 ga Afrilun 2024, zagaye na 4127 ya karanta layuka 1,240. Ya shigar da 312, ya sauya 41, ya tarar da 860 ba su sauya ba, ya tsallake 27. Idan aka haɗa 312 da 41 da 860 da 27 za a sami 1,240. Lissafi ya daidaita, kuma manhaja ta rubuta cewa zagayen ya kammala.

Kammalawa ba ta nufin komai ya shiga. Abin da take nufi shi ne manhaja ta kai ƙarshen jerin ba ta faɗi ba. Don a san labarin 27 ɗin nan sai a tambayi tebur na biyu:

```sql
SELECT reason, COUNT(*)
FROM sync_item
WHERE run_id = 4127 AND action = 'skipped'
GROUP BY reason;
```

Amsa ta nuna 14 maimaici ne, 8 na yaran da rumbun jiha bai sani ba, 3 masu ranar da ba za ta yiwu ba, 2 kuma na watan da aka riga aka kulle.

Maimaicin 14 su ne mafi sauƙi. Sabis ya yanke ana tsakiyar turawa, kwamfutar hannu ba ta sami tabbacin isar saƙo ba, sai ta sake turawa. Tsallake su shi ne daidai, domin da an shigar da su za a ƙirga allura 14 da ba a yi ba. Biyun da suka faɗa watan da aka kulle kuwa suna buƙatar shawarar mutum: jami'in da ke da iko ya buɗe watan ya karɓe su, ko ya ƙi, ya rubuta dalili.

Takwas ɗin nan matsalar jere ce. Bayanin allura ya riga bayanin rajistar yaron isowa, kuma rumbun ba ya karɓar allurar da babu mai ita. Irin waɗannan layukan ba su lalace ba, jira kawai suke yi. Abin tambaya shi ne ko za a sake gwada su. Manhajoji da yawa ba sa sake duba layin da suka wuce sai an taɓa shi a tushe, don haka layin da aka tsallake yau zai iya zama a waje har abada, alhali kowane dare allo na nuna nasara. Maganin wannan shi ne teburin ya sami gurbin da ke nuna ko an warware matsalar, da lambar zagayen da ya warware ta, sannan kowane sabon zagaye ya fara da sake gwada waɗanda ke jira. Yaron da aka yi wa allurar Penta ta uku yana da mako 14 amma bayaninsa ya maƙale, za a lissafa shi cikin waɗanda suka daina zuwa, a tura ma'aikaci neman gidansu, ko ma a sake yi masa allurar da ya riga ya karɓa idan katinsa ya ɓace.

Ukun da suka rage su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu, duk da ƙarancinsu. Ɗaya daga ciki na jaririn da aka haifa ranar 19 ga Fabrairun 2024 ne, aka yi masa Penta ta farko ranar 2 ga Afrilu, yana da mako shida. Wata kwamfutar hannu da aka sake wa saiti ta tura ranar a matsayin 02/04/2024, manhajar da ke karɓa kuma ta karanta ta da tsarin Amurka, inda wata ke rigan rana. Sai 2 ga Afrilu ta koma 4 ga Fabrairu, kwana 15 kafin a haifi yaron. Rumbun ya ƙi karɓa, ya rubuta dalili. To amma waɗannan ukun an kama su ne kawai saboda juyin ya jefa ranar kafin haihuwa. Yaron da ya zo allurar ƙyanda yana da wata tara a wannan rana, shi ma an juya tasa ranar, sai dai 4 ga Fabrairu ba ta saɓa wa ranar haihuwarsa ba, don haka layinsa ya shige cikin 312 da aka shigar lafiya lau. Uku da aka tsallake alama ce ta ɓarnar da ta riga ta shiga ciki. Da yake teburin ya rubuta lambar kowane layi da tushensa, za a iya zaro duk waɗanda suka fito daga wannan kwamfutar hannu tun ranar da aka sake mata saiti, a gyara su, gyaran shi ma ya shiga teburin a matsayin sabon zagaye. Hanyar kauce wa wannan tun farko ita ce tura rana da tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-04-02, wanda ba a karanta shi iri biyu.

Alamun da ƙidaya ke bayarwa

Bayan an yi makonni ana tara layukan zagaye, jami'i zai san yadda daren da babu matsala yake kasancewa, kuma kaucewa daga wannan ita ce gargaɗi na farko. Idan a wani dare waɗanda ba su sauya ba suka faɗi daga kusan 860 zuwa sifili, waɗanda aka sauya kuma suka haura 900, ba wai ma'aikata sun kwana suna gyara ba ne. Galibi an sabunta manhaja a tushe, ta fara ƙara wani fili a ƙarshen suna ko ta canza yadda take rubuta rana, sai kowane layi ya zama kamar sabon abu. Idan waɗanda aka shigar suka ninka ba tare da an yi gangamin rigakafi ba, mai yiwuwa lambobin shaida ne suka canza, ana sake shigar da tsofaffin yara a matsayin sababbi.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne gurbi marar komai ya danne gurbi mai bayani. An cire gurbin lambar wayar uwa daga fom ɗin tushe, manhaja ta ci gaba da tura shi fanko, sai rumbun jiha ya goge lambobin da yake da su. A teburin za a ga ɗaruruwan layuka masu tsohon bayani cike, sabon kuma babu komai. Akwai ma wani tarko a harshen SQL kansa: idan ɗaya daga abubuwa biyu da ake kwatantawa `NULL` ne, wato ba a san shi ba, alamar `<>` ba ta cewa sun bambanta, kuma ba ta cewa ɗaya ne. Idan da ita aka gina sharaɗin rubutawa a teburin bin diddigi, za a iya goge bayani ba tare da an rubuta komai ba. A rumbu irin PostgreSQL ana amfani da `IS DISTINCT FROM` domin toshe wannan kafa.

Abin da teburin ba ya gani

Teburin bin diddigi yana ba da labarin abin da aka karanto ne kaɗai. Abin da ba a karanto ba, ba shi da labarinsa, kuma wannan ita ce babbar iyakarsa.

Domin kada a riƙa kwaso dukkan rumbun kowane dare, manhaja takan ajiye alamar inda ta tsaya, ta ce a ba ta abin da aka rubuta ko aka gyara bayan wannan lokaci. A ce ma'aikatan wani asibiti sun fita rigakafi ƙauyen da babu sabis ranar Litinin, suka rubuta yara 60. Kwamfutar hannunsu ba ta sami sabis ba sai ranar Alhamis. Layukan sun iso kwamfutar ƙaramar hukuma ɗauke da tambarin ranar Litinin, alhali alamar manhaja ta riga ta kai Laraba. Da ta ce a ba ta abin da ya biyo bayan Laraba, yaran 60 ba sa ciki. Ba a shigar da su ba, ba a tsallake su ba, ba a ma ƙirga su ba, kuma lissafin zagayen zai daidaita tsaf. Irin haka na faruwa idan agogon wata kwamfuta ya yi baya, ko aka cakuɗa agogon ƙasa da na duniya: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban agogon UTC da awa ɗaya, don haka rikita su kan ɓatar da bayanan awa guda a kowane zagaye.

Gyaran yana da matakai uku. Alamar tsayawa ta dogara da lokacin da layi ya iso kwamfutar da ake kwasowa daga gare ta, ko da lambar jere da wannan kwamfutar ke bayarwa, maimakon lokacin da aka rubuta shi a ƙauye. Sannan kowane zagaye ya ɗan koma baya ya sake kwaso na 'yan kwanakin da suka wuce, tunda maimaici ba ya cutarwa muddin lambar shaida na aiki. Na uku, a riƙa yin ƙidaya mai zaman kanta duk mako ko duk wata: allura nawa kowane asibiti ke da su a tushe na watan Maris, nawa kuma ke rumbun jiha. Teburin zagaye ya kamata ya adana farkon da ƙarshen tazarar da kowane zagaye ya nema, domin a ga ko an bar giɓi tsakanin wani da wani.

Gogewa ma tana faɗawa cikin wannan rami. Layin da aka goge a tushe ba ya nan balle a karanto shi, sai ya ci gaba da zama a rumbun jiha. Shi ya sa a harkar lafiya da kuɗi ake sa wa layi alamar sokewa maimakon a share shi, ta yadda sokewar za ta yi tafiya kamar kowane sauyi.

Idan kuɗi ne

A ɓangaren kuɗi ƙirga layuka kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da jimillar kuɗin. A ce wani asibiti yana jawo bayanan biyan kuɗi daga banki. Zagaye ya karanta layuka 418 masu jimillar naira 3,652,500. Ya shigar da 409 masu naira 3,571,000, ya tsallake 9 masu naira 81,500 saboda babu lambar rasit da ta dace da su. Layukan sun cika, kuɗin ma sun cika, kuma akanta ya san akwai naira 81,500 a banki da ba a jingina wa kowane majinyaci ba tukuna. Da an shigar da naira 15,000 a matsayin 1,500, yawan layuka ba zai nuna komai ba, amma jimilla za ta gaza da 13,500. Tsofaffin akantoci sun san cewa giɓin da ya rabu da tara ba saura yakan nuna an zame sifili ko an juya lambobi biyu, kuma 13,500 ta rabu.

Ana ajiye kuɗi a matsayin kwabo cikakku ko lamba mai tsayayyen ɗigo, domin lissafin kwamfuta mai yawo da ɗigo yana haifar da ɗan bambancin da ke taruwa. Kuma layin kuɗi da aka riga aka shigar a littafi ba a cika sauya shi ba. Ana rubuta wani layin da ke warware shi, sannan a shigar da na daidai. Saboda haka yawan "an sauya" a teburin kuɗi abin tuhuma ne tun kafin a duba dalili.

Yadda ake kare teburin kansa

Shaidar da za a iya gyarawa a ɓoye ba shaida ba ce. Ana ba manhajar daidaitawa izinin ƙara layi a teburin layuka, a hana ta gyarawa da gogewa, da umarni irin `REVOKE UPDATE, DELETE`. Da yake babban mai kula da rumbu yana iya tsallake wannan shinge, wuraren da suka ɗauki abin da muhimmanci suna tura kwafi zuwa wata kwamfuta da ba ta hannunsa.

Lokacin rubutawa ma yana da ƙa'ida. Sauyin da aka yi wa bayani da layin da ke ba da labarinsa dole su shiga a dunƙule ɗaya, ko duka su tabbata ko duka su warware. In ba haka ba, wuta za ta iya ɗaukewa a tsakani, a sami sauyi babu shaida, ko shaida babu sauyi. Layin zagaye kuwa akasin haka ake yi masa: ana rubuta shi a tabbatar tun kafin a fara aiki, da alamar "yana gudana". Idan manhaja ta faɗi a hanya, za a wayi gari da zagayen da ya fara bai gama ba, wanda ya fi a ce babu alamar an taɓa gwadawa.

Dokoki sun daɗe da shiga wannan fage. A Amurka, ƙa'idar hukumar FDA mai lamba 21 CFR Part 11, ta shekarar 1997, ta buƙaci bin diddigin da kwamfuta ke rubutawa da kanta, mai ɗauke da lokaci, kuma ta hana sabon bayani ya ɓoye wanda aka rubuta a da. Dokar HIPAA ta 1996, ta ƙa'idojin tsaron da aka fitar a ƙarƙashinta, ta wajabta wa cibiyoyin lafiya hanyar rubutawa da duba abin da ke gudana a kwamfutocin da ke riƙe bayanan majinyata. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiyar mutum cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman. Wannan ya shafi teburin kai tsaye, domin gurbin tsohon bayani da na sabo suna iya ɗauke da sakamakon gwaji ko sunan cuta. Teburin na buƙatar kariya daidai da ta rumbun da yake sa wa ido. Inda lambar shaida ta wadatar, kada a kwafo suna, kuma kada saƙon kuskure ya zubo dukkan bayanan majinyaci a inda kowane mai gyaran kwamfuta zai gani. Tsawon lokacin ajiya kuma ya bi na bayanan da teburin ke ba da shaida a kansu. Tsofaffin layuka ana iya kwashe su zuwa ma'ajiya mai arha, amma ba a zubar da su kafin wa'adi.

Saura wanda zai karanta. Ya kamata a sami mutum guda da sunansa, jami'in kula da alƙaluma ko akanta, wanda aikinsa ne ya duba layin zagayen jiya kowace safiya, ya ga ko lissafi ya daidaita, ya ga layuka nawa ke jira da kuma kwana nawa mafi daɗewa ya yi. A kuma saita gargaɗi ga zagayen da bai zo ba sam, domin manhajar da ba ta tashi ba ba ta rubuta kuskure. Idan an saba ganin layi da ƙarfe biyu na dare, aka kai ƙarfe takwas na safe babu shi, a ɗauka bayanan jiya ba su iso ba, a kuma dakatar da duk rahoton da za a fitar daga rumbun har sai an gano dalili.